Awa Biyu da Gwangwanin Fenti: Yadda Ake Koya wa Mataimakan Nas Tsaftar Hannu da Kayan Kariya

A kowane ɗakin kwanciya na asibiti akwai waɗanda hannunsu ya fi na kowa taɓa marar lafiya, kuma ba likitoci ba ne. Likita zai zo zagayen safe, ya duba, ya rubuta, ya wuce. Nas za ta ba da magani, ta yi allura, ta koma kan tulin rubutun da ke jiran ta. Wadda za ta juya tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ta canja masa zanin gado, ta kai masa fo ta ɗauke, ta zubar da jakar fitsari, ta goge masa baki, ita ce mataimakiyar nas. A asibitocin gwamnati an fi kiran irinsu atanda. A ƙananan asibitocin kuɗi kuwa har farar riga ake ba su, jama'a na ce musu nas, alhali hukumar da ke kula da aikin jinya da unguwarzoma a Najeriya ba ta ba su lasisin wannan aiki ba. Galibinsu a bakin aiki suka koyi abin da suka sani, daga kallon na gaba da su, da mai kyau da marar kyau.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce cikin kowane majiyyata 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, za su kwashi wata cuta a can wadda ba da ita suka zo ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kwasa ba sa tashi. Babbar hanyar da ƙwayoyin cutar ke bi daga wannan gado zuwa wancan ita ce hannun ma'aikaci. Ke nan idan an ba wa nas mai kula da hana yaɗuwar cututtuka awa biyu kacal ta koyar da atanda, me ya kamata ta yi da su?

Abin da aka saba gani shi ne a tara mutum arba'in a zaure, a haska hotuna a bango, malami ya yi bayanin rabe-raben ƙwayoyin cuta, a raba lemo da biskit, kowa ya sa hannu a takarda. Washegari komai na nan yadda yake. A ganina irin wannan zama ɓata lokaci ne, domin babu atandar da ba ta san wanke hannu yana da kyau ba. Abin da ba a koya mata ba abu uku ne: a daidai wane lokaci cikin aiki za ta tsaftace hannun, wane lungu na hannun take tsallakewa, da yadda za ta cire kayan kariya ba tare da ta shafa wa kanta abin da ke jikinsu ba. Duka ukun da hannu ake koyon su. Tsarin darasin da ke biye an gina shi a kan haka.

Takardar da malama za ta rubuta kafin ta shiga aji

Tsarin darasi takarda ce guda, amma ita ke hana malama yawo. A samanta za ta rubuta abin da kowace ɗaliba za ta iya yi a gabanta kafin a tashi, ba abin da za ta "sani" ko ta "fahimta" ba, don ba a iya ganin fahimta da ido. Za ta rubuta cewa ɗaliba za ta yi aikin gado ɗaya tana tsaftace hannu a duk inda ya kamata, za ta murza hannu ya game ko'ina, za ta kuma sa kayan kariya ta cire su ba tare da ɗigon fenti ya taɓa fatarta ko rigarta ba.

Ajin kada ya wuce mutum goma sha biyu, don kowa ya samu ya yi da hannunsa, bibbiyu. A yi shi a cikin ɗakin majiyyata inda akwai gadon da ba kowa, da lokarsa da sandar rataye ƙarin ruwa. A kuma yi shi da Hausa. Kayan aiki ba su da tsada: kwalin safar hannu mai girma biyu ko uku, rigunan leda, takunkumi, gilashin kare ido, kwalbar sanitaiza, sabulun ruwa, bokiti mai famfo da bahon tarar ruwa, gwangwanin fentin ruwa irin na 'yan makaranta, ɗan man shafawa, da ƙyalƙyali irin na masu kwalliya. Rabon lokaci kuwa: minti 10 na buɗewa, 35 na sanin lokutan tsaftace hannu, 25 na yadda ake murzawa, 35 na kayan kariya, 15 na gwaji. Idan aka lura, maganar malama ita kaɗai ba za ta kai rabin awa ba.

Buɗewar ma ba da magana ake yin ta ba. Kafin ɗalibai su shigo, malama ta shafa mai a tafinta ta barbaɗa ƙyalƙyali. Tana gaisawa da masu shigowa, tana miƙa musu biro su rubuta suna. Bayan 'yan mintoci sai ta ce kowa ya dubi hannunsa, ya dubi fuskar na kusa da shi. Za a ga abin a kan biro, a gefen hijabi, a bayan waya, a kan hancin wata. Gani ya kori ji. Daga nan malama za ta iya bambanta musu ƙwayoyin da ke zaune a fatar mutum dindindin, waɗanda yawanci ba sa cutar da shi, da baƙin da ake kwasowa daga jikin majiyyaci ko ƙarfen gado. Baƙin ne ke yawo da cuta, su ne kuma sabulu da sanitaiza suke kawarwa cikin sauƙi.

Idan tana son labari ɗaya, akwai na gida. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan, Laura Wine, ta kwanta da wani zazzaɓi a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, aka kai ta asibiti a Jos, ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Ita ma ta kamu, ta rasu. Ta ukunsu, Lily Pinneo, ta kamu amma ta rayu, daga nan ne duniya ta san zazzaɓin Lassa. Aikin da ya ci ran Charlotte Shaw, goge bakin marar lafiya, aiki ne da atanda take yi kullum.

Lokuta biyar, a kan gado ɗaya

Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da cikakken jagoranta na tsaftar hannu a asibiti, wanda ya ƙunshi lokuta biyar: kafin a taɓa majiyyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsafta ta musamman, kamar taɓa rauni, baki, ido, ko buɗe wata roba da ta shiga jiki, bayan an yi hulɗa da ruwan jiki, wato jini, fitsari, amai, majina da makamantansu, bayan an taɓa majiyyaci, da bayan an taɓa kayan da ke kewaye da shi ko da ba a taɓa shi ba. Biyun farko majiyyacin suke karewa. Ukun ƙarshe suna kare ma'aikaciya da kuma mai kwance a gado na gaba.

Haddar waɗannan ba ta da wuya, kuma ba ta da wani amfani ita kaɗai. Ana iya samun wadda za ta jero su tiryan-tiryan, ta shiga ɗaki ta tsallake uku. Don haka sai malama ta sa ɗaliba ɗaya ta kwanta a matsayin wani dattijo a gado na huɗu, wanda aka sa wa robar fitsari. Wata ta yi aikin atanda, sauran su tsaya kewaye, duk inda suka ga ya kamata a tsaftace hannu su tafa.

Ga yadda aikin yake tafiya. Atanda ta iso bakin gado, ta murza sanitaiza, sannan ta ce, "Sannu Baba, ya jiki? Bari in tashe ka zaune." Wannan lokaci na farko ne. Ta tallafe shi ya zauna. Yanzu za ta goge masa baki da haƙora, kuma hannun nan ya riga ya taɓa kafaɗarsa da zanin gado, saboda haka sai ta sake murzawa, ta sa safar hannu. Ta gama, ta cire safar, ta murza, domin ta taɓa miyau. Aikin da ke biye shi ne zubar da fitsari, wanda shi ma yana buƙatar hannu mai tsafta, tunda buɗe famfon jakar buɗe hanya ce da ta miƙe har mafitsararsa. A nan ɗalibai sukan rikice, wasu su tafa sau biyu. Malama sai ta nuna musu cewa idan lokuta biyu suka haɗu babu abin da aka taɓa a tsakani, murzawa ɗaya ta isa. Atanda ta sa sabuwar safa, ta tsiyaye fitsarin a mazubi ba tare da bakin famfon ya taɓa mazubin ba, ta rufe, ta kai ta zubar, ta cire safar, ta tsaftace hannu. Ta dawo ta gyara masa filo, ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Baba," ta murza kafin ta bar wurin. A hanyar fita ta ga mai gado na biyar an tafi da shi ɗaukar hoto, ta ja masa zanin gado, ta matsar da kofinsa. Nan ne tafi yakan ɗauke, don kowa na ganin ai ba mutum ta taɓa ba. Amma kofin da zanin suna ɗauke da duk abin da ke jikin mai gadon.

Idan aka ƙirga, sau shida ta tsaftace hannu, ta yi amfani da safar hannu biyu-biyu sau biyu. A lura kuma da jerin aikin: baki aka fara, aka ƙare da fitsari, daga wuri mai tsafta zuwa mai datti. Da an juya, kuskure ɗaya ya isa a kai ƙwayoyin mafitsara bakin mutum.

A daidai nan wata za ta ce, "Sista, gado ashirin ne fa a kanmu, yaushe za mu gama?" Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a amsa ta da faɗa ba. Amsarta lissafi ne. Murza sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30 yake ci, wato sau shida bai wuce minti uku ba, kuma ana iya yi ana tafiya ko ana gaisawa da majiyyaci. Wanki da ruwa da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60 ne, sau shida ya kai minti shida, ban da zuwa bakin famfo da dawowa. Shi ya sa aka fifita sanitaiza a yawancin aikin gado, da sharaɗin yana nan kusa, a jikin gadon ko a aljihun ma'aikaciya. Wanda aka kulle a ofishin metiron don kada ya ƙare bai tsaftace hannun kowa ba.

Sai dai akwai inda ba ya maye gurbin ruwa da sabulu: idan ana ganin datti ko jini a hannun da ido, bayan an fito daga banɗaki, da kuma bayan jinyar mai gudawar da ake zargin irin ƙwayar nan ce mai sulke wadda sinadarin alkohol ba ya kashewa. Ga atanda, ƙa'ida mai sauƙi ita ce duk lokacin da ta gama da bayan gida, ta nufi famfo.

Inda fentin bai kai ba

Kashi na uku shi ne wanda ɗalibai suka fi tunawa. Kowa ya sa safar hannu, malama ta zuba masa fenti kamar cikin ƙaramin cokali a tafi, ta ce ya rufe ido ya "wanke" hannu yadda ya saba. Idan aka buɗe ido, duk inda safar ta rage fara, nan ne mutum yake tsallakewa kullum. Kusan a kowane aji wurare iri ɗaya ne suke fitowa: babban yatsa, musamman na hannun da mutum ya fi aiki da shi, kan yatsu wajen farce, tsakankanin yatsu, da bayan hannu. Abin takaicin shi ne kan yatsu da babban yatsa su ne suke taɓa komai.

Daga nan ne ake koyar da matakan, ana yi tare. Tafi da tafi. Tafin dama a kan bayan hagu ana sarƙa yatsu, a juya. Tafi da tafi da yatsu a sarƙe. Bayan yatsu a cikin ɗaya tafin, an kulle su. A kama babban yatsa a murɗa, kowane ɓangare. A ƙarshe a haɗa kan yatsu a murza su a tsakiyar tafi. Ga wanda ya saba da alwala, tsettsefe yatsu da tabbatar da ba a bar lam'a ba ba baƙon abu ba ne, malama za ta iya kama wannan zaren, ta ƙara da cewa a nan ruwa kaɗai ba ya isa. Sai a sa sabuwar safa a maimaita gwajin fentin, kowa ya gwada na farko da na biyu.

Ƙananan kurakurai ne suke ɓata aikin. Na farko, rowar sanitaiza. Ana so a cika lungun tafi, kimanin mililita uku. Idan hannu ya bushe kafin a ƙirga goma sha biyar, abin da aka zuba bai isa ba. Ba a goge shi da riga, ba a kaɗa hannu a iska, murzawa ake ci gaba da yi har ya bushe da kansa. Ba a zuba shi a jiƙaƙƙen hannu, don ruwa na rage masa ƙarfi. Mai aiki sosai shi ne wanda alkohol ɗinsa yake tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Bayan wanki da sabulu kuwa, tawul guda da ke rataye kowa na gogewa yana mayar da abin da aka wanke. A goge da takardar goge hannu ko ƙaramin tsumma mai amfani sau ɗaya, a kuma rufe famfo da ita ko da gwiwar hannu.

Inda babu ruwan famfo, kada a koma ga baho guda da kowa ke tsoma hannu. Bokiti mai murfi da famfo a ƙasa, wanda wata masaniyar kimiyya 'yar Ghana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro har ake kiran sa da sunanta, yana ba da ruwa mai gudana. Ko buta ma ta yi, in wani zai zuba wa mai wankin.

Akwai batutuwan da in malama ba ta taɓo ba, ɗalibai za su tattauna su a bayanta. Zobe, awarwaro da agogo suna ɓoye ƙwayoyin cuta a ƙarƙashinsu, a cire su lokacin aiki. Farce ya zama gajere, ƙasa da rabin santimita, ban da na kanti da ake mannawa. Hannun riga da gefen hijabi kada su riƙa sharar gado. A naɗe hannun rigar, a tura hijabin cikin wuyan riga ko a sa gajere. Wasu kuma suna ƙyamar sanitaiza saboda sunan alkohol. Gara a bar su su faɗi damuwarsu a fili, a shaida musu cewa abu ne na shafawa da ba a yi shi don sha ba, kuma asibitocin Saudiyya da sauran ƙasashen Musulmi da shi suke aiki. Fatar da ta tsattsage, musamman da hunturu, tana sa mutum gudun wanki saboda zafi, tana kuma buɗe ƙofa ga cuta. Man shafawa bayan tashi daga aiki da filasta mai hana ruwa a kan kowane yanka suna cikin darasin.

Safar hannu da sauran kaya

Safar hannu ita ce kayan kariyar da aka fi yi wa mummunan amfani. Za ka ga ma'aikaciya ta sa guda da safe, ta taɓa majiyyaci biyar da ita, ta ɗauki waya, ta buɗe ƙofa, ta rubuta a fayil, zuciyarta wasai don hannunta a rufe yake. Ita ta ɗan kare kanta, amma ta zama mai rarraba cuta gado-gado. Kuma kariyar tata ma ba cikakkiya ba ce: safa takan samu ƙananan huji da ido ba ya gani, kuma wajen cirewa hannu yakan shafi bayanta. Shi ya sa ake tsaftace hannu kafin a sa da bayan an cire, ba a wanke ta a sake sawa, ba a kuma wucewa da ita daga wannan majiyyaci zuwa wancan.

Darasin da ya fi ba ɗalibai mamaki shi ne jerin ayyukan da ba sa buƙatar safa ko kaɗan: auna zafin jiki ko hawan jini, ba da abinci, tura keken majiyyaci, gyara gadon da bai ɓaci ba. Tana zama dole idan za a taɓa jini, ruwan jiki, rauni, cikin baki ko al'aura. Wankin fo da goge ƙasa kuwa na safar roba mai kauri ce mai tsawo. Malama za ta iya rubuta ayyuka a ƙananan katuna, ɗalibai su raba su gida biyu, a yi gardama a kan waɗanda aka saɓa.

Sauran kayan, aikin da za a yi ne ke zaɓar su. Inda ruwa zai iya fantsama a jiki, rigar leda. Inda zai iya kai wa fuska, kamar wajen mai haihuwa ko mai amai, takunkumi da gilashin ido. Cututtukan da ke bin feshin tari da atishawa, irin su mashaƙo da sanƙarau, takunkumin asibiti na yau da kullum ya wadatar idan za a matsa kusa da majiyyaci. Tarin fuka da ƙyanda kuwa ƙwayoyinsu suna daɗewa a iska, sai takunkumi mai matse fuska irin N95, wanda ake gwadawa ta hanyar rufe shi da tafi biyu a hura numfashi, a ji ko iska na fita ta gefe. Gemu mai yawa yana hana shi kamawa, abin da ya kamata a faɗa wa maza tun da wuri.

Sakawa ba ta da hatsari, tunda kayan sababbi ne: a tsaftace hannu, riga, takunkumi, gilashi, safa a ƙarshe ta hau kan bakin hannun rigar. Cirewa ce take kama mutane, a lokacin da aka gaji, gumi ya jiƙa jiki, ana ɗokin shan iska. Bayan annobar Ebola ta 2014, wadda ta kama mutum 20 a Najeriya ta kashe 8, cikinsu har da Dokta Ameyo Adadevoh da wasu ma'aikatan lafiya, an ƙara matsa wa wannan mataki lamba a duk duniya, har aka mai da shi ƙa'ida a sa wani ya tsaya yana kallon mai cirewa yana faɗa masa mataki-mataki.

A aji, fenti ne zai sake yin aiki. Ɗaliba ta sa cikakkun kaya, abokiyarta ta shafa mata fenti a safa, a gaban riga, da gaban takunkumi. Sai ta cire. Safa ce farko: ta tsunkuli bayan ta hagu daga wajen wuyan hannu, ta zare ta tana juyewa ciki ya koma waje, ta dunƙule ta a hannun dama mai safa. Sannan ta zura yatsun hagu, waɗanda yanzu tsirara suke, ƙarƙashin bakin ta dama, inda babu datti, ta juye ta a kan ta farkon. Roba ta taɓa roba, fata ta taɓa fata. Sai riga: ta kwance ko ta tsinke igiyar daga baya, ta janye ta daga kafaɗa, ta naɗe ta nesa da jiki, gaban yana ciki. Ta tsaftace hannu. Ta cire gilashi ta igiyarsa ta baya, sannan takunkumi, shi ma ta igiya, in mai ɗauri biyu ne a fara kwance na ƙasa don kada ya faɗo kan ƙirji. Ta sake tsaftace hannu. Daga nan abokiyar ta duba ta. A karon farko, da wuya a rasa fenti a wuyan hannu, ko a haɓa, ko a goshi inda aka kai hannu don gyara ɗankwali. Ana maimaitawa har sai an fita fes, wannan kuma shi ne gwajin: malama na riƙe da takardar matakai tana yi wa kowa alama, ba jarrabawar rubutu.

Yadda za a san darasin ya shiga

Abin da aka yi a gaban malama ba shi ne hujja ba. Bayan mako biyu ko uku sai ta koma ɗakin majiyyata ta tsaya gefe na kimanin minti 20, tana ƙirga abu biyu: sau nawa dalilin tsaftace hannu ya taso, sau nawa kuma aka tsaftace. A ce, a misali, dalili ya taso sau 20, aka yi sau 9. Kashi 45 cikin ɗari ke nan. Adadin shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an rarraba shi. Idan aka ga kusan duka taran bayan an taɓa fitsari ko majiyyaci ne, amma kafin taɓawa babu, to ma'aikatan kansu suke karewa, majiyyacin bai shiga lissafi ba, kuma wannan shi ne abin da aka fi samu. Idan aka ga inda aka tsallake duk safa ce a hannu, to matsalar safa ce. Sakamakon a faɗe shi da sunan ɗaki, ba da sunan mutum ba, in ba haka ba gobe kowa zai yi wa mai kallo wasan kwaikwayo.

Ko ba a kama suna ba, mutane sukan gyara hali idan sun san ana kallon su, don haka ana buƙatar shaida ta biyu wadda ba ta san ido ba: yawan sanitaizan da ɗakin yake sha. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da shi shi ne aƙalla lita 20 ga kowane kwanan majiyyaci 1000. Ɗaki mai gado 20 a cike na tsawon kwana 30 ya yi kwanan majiyyaci 600, wato ya kamata ya sha kusan lita 12 a wata. Idan littafin sito ya nuna lita biyu aka fitar, to ko dai ba a murzawa, ko kuma ba a bayarwa. Malama ta fara bincika na biyun, ta kuma leƙa da dare, lokacin da sito yake kulle, atanda ɗaya ke riƙe da ɗaki, ta ga ko akwai ruwa a bokitin da sabulu a gefensa. In babu, takardar da za ta rubuta ta gaba ba tsarin darasi ba ce, wasiƙa ce zuwa ga shugaban asibiti, da lissafin lita goma sha biyun a jiki.